Yadda ake naif filit, bokis filit da akodiyon filit, da lissafin yadin da kowanne yake ci

Siket ɗin filit na farko da na ɗinka wa mutum da kuɗinsa, da awon ƙugu na yi lissafin yadin, na ninka shi sau uku kamar yadda na ji ana faɗa, na zauna na ninke komai tsaf na goge, kyau kam ya yi kyau a kan tebur. Da mai shi ta saka sai duk ninkin ya wage a wajen mazaunai, ka ce ba a taɓa ɗora masa dutsen guga ba, haka na sake sayen yadi da kuɗina. Tun daga ranar na gane cewa "sau uku" ɗin nan da kowa yake faɗa gaskiya ne amma rabin magana ce, dole ki san sau uku na mene ne, kuma ki san lokacin da sau biyu ma ya isa. Shi ne zan yi bayani a nan da siket guda ɗaya da za mu bi shi daga awo har guga.

Kayan da za ki tanada: tef na awo, doguwar rula, allin tela (farin sabulun da ya siɗe ya yi siriri ma yana yi idan babu alli, kuma yana fita da wanki), fil masu yawa don za ki sha mamakin yadda suke ƙarewa, almakashi, allura da zare mai launi daban da na yadin don ɗinkin riƙo, dutsen guga mai tururi, ƙyallen auduga fari da za ki riƙa ɗorawa kafin guga, ɗan kwali mai tauri, takarda da biro, sai keken ɗinki. Idan dutsen gugarki ba ya tururi ki jiƙa ƙyallen ki matse shi, aikin ɗaya ne. Batun yadi kuwa, foliyesta da ulu da gaurayensu su ne suke riƙe ninki, auduga zalla tana ninkuwa da kyau amma wanki ɗaya ya isa ya goge layin sai kin sake guga, shi kuma yadi mai kauri sosai ko mai talewa kada ki fara koyo da shi.

1. Ki fara gane me ke cinye yadin

Kowane filit yana da abu biyu, fuska da zurfi. Fuska ita ce abin da ido yake gani daga bakin wannan ninki zuwa bakin na gaba. Zurfi shi ne yadda yadin ya shige ciki ya ɓuya. Abin da masu koyo suke mantawa shi ne yadin da ya shiga ciki dole ya dawo waje, wato zurfin sau biyu ake biyansa, shiga ɗaya fita ɗaya. Ki ɗauki takarda yanzu ki ninke ta ki danna da yatsa ki ƙirga, za ki ga hawa uku ne a wajen, na sama da na tsakiya da na ƙasa. Daga nan "sau uku" ɗin ya samo asali.

Naif filit shi ne wanda duk ninkin ya kwanta ya kalli gefe ɗaya, bakinsa a miƙe kamar kaifin wuƙa. Lissafinsa:

yadin filit ɗaya = fuska + (zurfi × 2)

Idan fuska inci 2 ce zurfi ma inci 2, filit ɗaya ya ci inci 6 ya ba ki inci 2, sau uku ke nan. Amma idan kin bar fuska inci 2 kin rage zurfi zuwa inci 1, inci 4 kawai ya ci, sau biyu. Idan kuma kin zurfafa shi zuwa inci 3 yana hawa kan na bayansa, inci 8 ne, sau huɗu, kuma ƙugun zai yi tudu. Kin ga ke ce mai yanke yawan yadin ta hanyar zaɓen zurfi.

Bokis filit naif filit biyu ne da suka juya wa juna baya, ɗaya ya kalli dama ɗaya ya kalli hagu, sai tsakiyarsu ta fito kamar faffaɗan akwati. Tunda ninki biyu ne, zurfin sau huɗu za ki biya:

yadin bokis ɗaya = fuska + (zurfi × 4)

Mutane suna jin "sau huɗu" sai su ɗauka bokis ya fi naif cin yadi, alhali ba haka ba ne, don a cikakken bokis zurfin kowane gefe rabin fuska ne, ninkin biyu suna haɗuwa a tsakiya ta baya. Fuska inci 4, zurfi inci 2 kowane gefe, 4 da 8 sun zama 12, sau uku dai kamar ɗan'uwansa. Idan kin juya bokis ta bayansa ya zama fuska, shi ne wanda ake gani a bayan siket ko bayan riga, baki biyu sun haɗu a layi ɗaya, lissafin bai canza ba. Idan guda ɗaya tak za ki saka mai zurfin inci 2, ki ƙara inci 8 a faɗin yadin shi ke nan.

Akodiyon daban yake, zan zo kansa a ƙasa don shi ba ya kwanciya, kuma ba a lissafa shi da biro kaɗai.

2. Awo da lissafi

Ga siket ɗinmu. Ƙugu inci 29, mazaunai inci 38, tsawo inci 26. Ki ƙara inci 1 na sakewa a ƙugu ya zama 30, ki ƙara inci 2 a mazaunai ya zama 40. To wannan 40 ɗin ita ce za ki yi lissafi da ita, ba 30 ba. Dalili shi ne filit yana rufe ne kawai idan faɗinsa a ninke ya kai wajen da ya fi faɗi a jiki. Idan kin yi shi daidai ƙugu, da ya sauko kan mazaunai dole ya buɗe ya ba da inci goman da suka rage, kuma ba zai sake rufewa ba har ƙasa. Kayan ƙananan yara ne kawai ake iya yi da awon ƙugu a tsira, don su ƙugu da mazaunai kusan ɗaya ne.

Mun zaɓi naif filit mai fuska inci 2. Raba 40 da 2, filit 20 ke nan. Kowanne yana cin inci 6, 20 sau 6 ya ba mu inci 120. Ki riƙa zaɓen fuskar da za ta raba awon ba saura, idan awon ya zo 41 misali gara ki mai da shi 42 ko ki ɗan canza fuskar, da ki ƙare da filit ɗaya ɗan tsugul a gefen zif kowa ya gane an yi kuskure.

3. Mayar da inci 120 zuwa yadin da za a saya

Nan ne ake yawan faɗuwa, don 120 ɗin faɗi ne, shi kuma yadi da tsawo ake sayar da shi, kuma faɗinsa yawanci ko wajen inci 45 ne ko wajen inci 60. Dole ki haɗa falle-falle.

Tsawon kowane falle: 26 na siket, 2 na kalmasar ƙasa, rabin inci na haɗawa da ƙugu, inci 28 da rabi.

Idan mai faɗin 45 ne, kada ki ce 45 sau uku ai 135 ne ki haɗa kawai ki fara ninki, don ɗinkin haɗin zai iya faɗowa a tsakiyar fuska ya zauna yana kallon mutane. Ana so kowane haɗi ya faɗa can cikin lungun ninki, a daidai inda yadin ya juyo ta ciki. Saboda haka kowane falle ya ɗauki cikakkun filit. Bakwai suna shiga a falle ɗaya, inci 42, da rabin inci na ɗinki kowane gefe ya zama 43. Falle biyu masu filit bakwai-bakwai, na uku mai shida wato inci 37, ashirin sun cika. Tsawon da za ki saya 28 da rabi sau uku, inci 85 da rabi, ki ƙara inci 4 na maɗaurin ƙugu, kin kusa 90, yadi biyu da rabi cif. Ni dai biyu da kwata uku nake saya, don idan auduga ce za ta ɗan tsuke a wankin farko, kuma ba kullum ake yanko bakin yadi a miƙe ba.

Mai faɗin 60 shi ne mai yaudara. Za ki ce 60 sau biyu 120, ya yi daidai, amma ina na ɗinkin haɗi, ina na bakin saƙa da za ki yanke, ballantana da yawansu idan kin ɗora tef 58 za ki gani. Falle biyu ba za su ba ki 120 ba. Maimakon ki sayi falle na uku saboda inci biyar ko shida, ki rage zurfin zuwa inci 1 da kwata uku, filit ɗaya ya koma inci 5 da rabi, ashirin sun ci 110, kowane falle 55 da inci 1 na ɗinki 56, ya shiga lafiya. Wallahi babu mai gane bambancin kwatan inci a cikin ninki. Yadi ɗaya da kwata uku ya ishe ki ke nan.

Akwai hanya ta uku, a yanka a tsawon yadin gaba ɗaya ba haɗi sai na zif, inci 121, ki sayi yadi uku da rabi. Yana sauƙaƙa aiki sosai amma sai in zanen yadin ba shi da sama da ƙasa, kuma za ki bar ragowa mai yawa a gefe.

Idan yadin mai layi-layi ne ko mai gida-gida, ki bar zanen ya zaɓa miki fuska da zurfi, wato kowane filit ya ci cikakken maimaicin zane ɗaya ko biyu, sannan ki sake lissafin daga farko. Sau da yawa yana wuce sau uku.

4. Wanki, yanka da kalmasa

Ki wanke yadin ko ki bi shi da tururi, ki goge, sannan ki yanka, kuma ki tabbata layin yankan yana bin zaren saƙa, don filit ɗin da aka yi a karkace murɗewa yake yi a jiki duk gugar da za ki yi masa. Ki haɗa fallayen ki bar haɗi na ƙarshe a buɗe, sannan ki yi kalmasar ƙasa tun yanzu kafin ninki. Na san jiki yana so a bar kalmasa sai ƙarshe kamar sauran ɗinki, amma idan kin riga kin goge filit ashirin sannan kin zo kalmashe ƙasa, kowane layi zai juya a baibai a cikin kalmasar, ƙasan siket ɗin ya riƙa tashi. Tunda kin kalmashe da wuri, duk gyaran tsawo daga sama za ki yi shi.

5. Zana layuka

Ki shimfiɗa yadin a tebur fuska a sama. Bayan rabin incin ɗinki, ki auna inci 2, wato rabin abin da zai ɓuya, ki ja layi, daga nan ki riƙa sa alama: 2 na fuska, 4 na ɓoyewa, 2, 4, haka har ƙarshe, inda za ki ƙare da sauran inci 2 na zurfi da rabin incin ɗinki. Wannan farawa da rabin ɓoyewa shi ne yake jefa haɗi da zif cikin lungu. Ki sa alamar a sama da ƙasa ki haɗa da rula, kuma layin da za a ninke ki ja shi cikakke, layin da za a kai ninkin kansa ki yi shi ɗigo-ɗigo, in ba haka ba wajen filit na goma sha za ki rikice ki fara ninke na sauka.

Gargaɗi babba a nan: kada ki riƙa ɗaga rula kina auna kowane filit daga inda na baya ya tsaya. Kaurin alli kaɗai zai iya ƙara miki kashi ɗaya cikin takwas na inci, abin da ido ba ya gani, amma sau ashirin inci 2 da rabi ne, siket ya yi yawa ko ya ƙi shiga. Ki kwantar da tef sau ɗaya ki bar shi, ki riƙa sa alamar farkon kowane filit a 6, 12, 18, 24, sannan ki dawo ki raba cikinsu. Ko ki yanka kwali mai faɗin inci 6 ki yi masa tsaga a inci 2 ki riƙa amfani da shi, amma duk filit biyar ki duba da tef ko kina kan 30.

6. Ninki, riƙo da rage ƙugu

Ki kama cikakken layi ki tsuke shi da yatsu, ki ɗauko shi ki ajiye a kan layin ɗigo, ki soka fil a sama, a layin mazaunai, da ƙasa. Idan kin gama duka ki ɗora tef a layin mazaunai, wajen inci 8 daga sama, dole ki ga 40. Idan ba 40 ba ce ki gyara yanzu, kada ki taɓa dutsen guga tukuna. Idan yadin yana da ɗan kauri za ki ga ya gaza kaɗan don kowane lanƙwasa yana cin nasa, sai ki sassauta filit uku ko huɗu da ɗan kaɗan-kaɗan a wurare daban.

Yanzu ƙugu. Muna da 40 muna son 30, bambanci inci 10, a raba wa filit 20, kowanne rabin inci. Wato a can sama kowane filit za ki ƙara tura bakinsa rabin inci kan na gaba, fuskar ta koma inci 1 da rabi a ƙugu, ta riƙa buɗewa a hankali har ta koma 2 a layin mazaunai. Kada ki kwashe inci goman daga filit biyu na gefe don gudun wahala, siket ɗin zai yi kunnuwa. Ki bi da ɗinkin riƙo da hannu, mai shi ta gwada, sannan ki taka kowane filit da keke dab da baki daga ƙugu zuwa mazaunai idan kina son ciki ya kwanta. Idan kin bar su a sake ba taku ma ya yi, sai dai yana ƙara cika a ciki.

7. Guga

Ki ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle, ki danna dutsen guga ki ƙirga kamar goma, ki ɗaga, ki matsa gaba. Dannawa ake yi, ba a jan dutsen, ja yana tale bakin filit ya yi igiyar ruwa. Kada ki motsa yadin sai ya huce, don lokacin hucewa ne layin yake kamawa, ni har katako mai santsi nake ɗorawa a kai ya danne. Idan yadin mai sheƙi ne ki zura siririyar takarda ƙarƙashin kowane baki don kada shatinsa ya fito a kan fuskar da ke ƙasa. Foliyesta ki fara gwada zafin a kan ragowa, yana narkewa ko ya yi ƙyalli, kuma layin da kika goge masa da zafi sosai ba ya fita, kuskure ya zauna ke nan. Auduga kuwa idan ba kya son sake wahala bayan kowane wanki, ki taka bakin kowane ninki da keke dab da kaifi har ƙasa, na waje da na ciki.

8. Idan bokis kike so a wannan siket ɗin

Fuska inci 4, bokis 10, kowanne inci 12, 120 dai. Alamominki 4 sannan 8, kuma ki sa layin ɗigo a tsakiyar 8 ɗin, bakin dama da na hagu duk a kansa za su haɗu. A ƙugu kowane bokis zai rage inci 1, rabi ta dama rabi ta hagu, in kin cire ta gefe ɗaya akwatin zai karkace. Ki fara daga tsakiyar gaba ki yi dama da hagu, don bokis ba kamar naif ba ne, ido yana neman tsakiyarsa, ko bokis ya zauna daidai cibiya ko mahaɗar biyu ta zauna a wajen. Idan yadi ya gaza, zurfin inci 1 zai mai da kowanne inci 8, duka 80, sau biyu. A tsaye kamanninsu ɗaya da cikakken, sai an yi tafiya ko an zauna za ki ga yana saurin bajewa. Ƙasa da inci 1 a siket ɗin babba ni ba na yi, gara in rage yawan bokis ɗin in bar fili tsakaninsu. Mai hawa biyu kuma, wato bokis a kan bokis, sau biyar yake ci, ki yi tunani kafin ki karɓi aikin.

9. Akodiyon

Shi wannan ninki ne sama, ƙasa, sama, ƙasa, duk faɗi ɗaya, kamar maficin takarda da yara suke ninkewa. Babu fuska babu ɓoye, duka yadin a tsaye yake zigizag, shi ya sa lissafin fuska da zurfi ba ya aiki. Idan zurfin rabin inci ne, kowane tudu ɗaya yana cin inci 1 na yadi, amma faɗin da zai ba ki ya danganta da yadda ya tsaya idan an sake shi. In tudu da tudu suna da tazarar rabin inci, sau biyu ke nan, in sun matsu zuwa kashi ɗaya cikin uku na inci, sau uku. Yawancin aiki tsakanin nan yake faɗawa.

Hanyar da ba ta ƙarya ita ce gwaji. Ki yanki inci 12 na yadin, ki ninke shi rabin inci rabin inci, ki goge, ya huce, ki riƙe shi ta sama ya rataya yadda kike so ya fito a jiki, ki auna. A ce ya tsaya a inci 5. Raba 12 da 5, 2.4 ke nan, sau 40 ɗinmu inci 96, ni sai in mai da shi 100. Idan kin yi rowar yadi a akodiyon, a kan mazaunai zai miƙe ya zama yadi mai layi-layi kawai.

Maganar gaskiya, inci 100 a rabin inci ninki ɗari biyu ne, kuma da hannu wuya ne su fito daidai. Masu sana'ar da inji suke yi, ko su sa yadin tsakanin kwali biyu da aka riga aka ninke, su matse su turara shi, kuma foliyesta suka fi so don zafi yana zaunar masa da ninkin har bayan wanki. Idan za ki kai musu, ki kalmashe ƙasan siriri tukuna, ki kai yadin da ɗan ƙari. Don ɗan guntu kamar hannun riga ko bakin siket, za ki iya yin kwalin da kanki: takarda mai tauri biyu, ki ja layuka ki ninke su tare, ki buɗe ki shimfiɗa yadin a tsakani, ki sake tattare su, ki ɗaure, ki ba shi tururi sosai ki bar shi ya kwana ya bushe kafin ki kwance.

Idan kuma wanda aka riga aka ninke za ki saya, ki tambaya a sake ake auna shi ko a miƙe, don yadi ɗaya a miƙe bai fi inci 15 ba idan ya koma ninkinsa a irin lissafinmu na 2.4. Wajen haɗa shi da ƙugu ki bi saman da dogon ɗinki layi biyu ki tattara shi ya dawo awon da kike so, ko ki sa roba, kuma kada ki kuskura ki kwantar da dutsen guga a kansa, rataye shi ake yi a ba shi tururi daga nesa.